Idan Ranar Ganin Likita Ta Ci Karo Da Ranar Aiki: Yadda Ake Ɗaga Ta Ba A Yi Asarar Lafiya Ba

A kowane babban asibiti, idan kilinik ya tashi da rana akwai fayil-fayil da ake mayarwa ɗakin rikod ba a buɗe su ba. An kira sunayen masu su, an sake kira, ba wanda ya amsa. Da yawa daga cikin masu waɗannan fayil ɗin ba warkewa suka yi ba, ba kuma mantawa suka yi ba. Suna wurin aiki. Malamin makaranta na tsaye a kan jarrabawa, ma'aikaciyar banki na fama da lissafin ƙarshen wata, direban ofis ya kai maigidansa Abuja. Kowannensu ya ce a ransa zai je wani satin, wani satin kuma ya zama wani watan.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma ba ta da tsada. Mutum ya sanar da asibiti da wuri, ya faɗi uzurinsa a taƙaice, ya kawo ranaku biyu ko uku da zai iya zuwa, ya tabbatar an rubuta sabuwar rana. Maganar da sauƙi a baki, amma kowane mataki na da inda ake tuntuɓe, domin ranar da ƙwararren likita ya bayar tana ɗaure da magani, da gwaji, da tsarin aikin asibitin baki ɗaya.

Dalilin da ya sa ranar ke da wuyar samu

A manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da asibitin ƙashi na Dala, da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, babban likita ba kullum yake zama ganin masu zuwa daga gida ba. Satinsa a rabe yake. Akwai ranar tiyata, akwai ranar zagayen waɗanda aka kwantar, akwai koyar da ɗalibai da ƙananan likitocin da ke neman ƙwarewa a ƙarƙashinsa. Abin da ya rage wa kilinik sau da yawa rana ɗaya ce ko biyu a sati, kuma galibi da safe.

Wannan ne abu na farko da mai neman sauyi ya kamata ya riƙe. Idan sashen da ke duba ka Talata yake zama, cewa "ina da sarari ranar Laraba" ba ta kawo mafita ba, domin ranar Laraba likitan na iya kasancewa a ɗakin tiyata tun safe. Kuma kowace ranar kilinik tana da adadin mutanen da ake rubuta mata, a littafi ko a kwamfuta. Idan ta cika, sai a tura mutum gaba. Shi ya sa wanda ya ƙi zuwa ba tare da ya sanar ba kan ga an ba shi wata rana mai nisa, ita kuma kujerar da ya bari ta tafi a banza alhali akwai mai jiran ta. Alkawari kaya ne, kuma a nan mutum biyu ne ke ɗauke da shi.

Tambayar farko: ana iya ɗaga ta kuwa?

Kafin a yi tunanin kalmomin da za a faɗa, sai a san ko ranar tana ɗaguwa. Akwai waɗanda aikin ne ya kamata ya matsa musu. Wankin ƙoda ba a tsallake shi. Maganin ciwon daji da ake ƙarawa ta jijiya yana tafiya ne zango-zango, sau da yawa duk kwana 21, kuma likitan ne kaɗai ke da ikon matsar da shi. Cire zaren ɗinki bayan tiyata, da dubawar farko bayan aikin ido, da awon ciki ga mai hawan jini, da gwajin jini ga mai shan warfarin, duk ranakunsu lissafaffu ne. Haka ganin farko ga wadda ta ji ƙullutu a nono, ko wanda ke ganin jini a fitsari ko bayan gida. Irin wannan ganin farko, idan ma za a taɓa shi, baya ake dawo da shi domin a ga likita da wuri.

Waɗanda suka fi karɓar sauyi su ne na bibiya, wato mai ciwon da aka riga aka gano, yana kan magani, jikinsa a daidai, an ce ya dawo bayan wata uku ko shida. Ko a nan ma akwai iyaka, kuma ba majiyyaci ke yanke ta ba. Tambayar da za a yi wa nas ɗin kilinik ita ce: "Sista, idan aka ɗaga, sati nawa ne ba zai yi illa ba?" Amsarta ce za ta nuna tsakanin waɗanne ranaku za a zaɓa.

Misali daga kilinik ɗin ido

Mu ɗauki misalin wani malamin kemistiri a makarantar sakandare, ɗan shekara 48, mai fama da hawan jinin ido, wato gilakoma. Ciwon ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kusan mutum biyar cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da shi, kuma shi ne na biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido. Muguntarsa ita ce yawanci ba ya ciwo. Yana cin gani ne daga gefe a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Don haka mai shi na iya jin garau alhali matsin cikin idonsa ya wuce yadda likita ke so. A yawancin masu lafiya matsin yana tsakanin 10 da 21 ne a ma'aunin da ake amfani da shi, ga mai gilakoma kuwa likita kan sa masa iyakar da ta dace da idonsa.

An ga malamin ranar Talata 18 ga Maris, aka ce ya dawo bayan sati 12, wato Talata 10 ga Yuni. Aka rubuta masa maganin ɗigawa na latanoprost, ɗigo ɗaya a kowane ido da dare, kwalba uku. Aka kuma ce ya yi gwajin faɗin gani kafin ya shigo. A farkon Mayu, da ya zauna da jadawalin jarrabawar WAEC, sai ya ga gwajin kemistiri na ɗakin bincike ya faɗo daidai ranar 10 ga Yuni. Shi ne zai haɗa sinadarai, shi ne zai tsaya a ɗakin, kuma babu wani malamin kemistiri a makarantar. Wannan aiki ne da ba ya matsawa.

Abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne kwalbar maganinsa. Yawancin magungunan ɗigawa a ido ana so a daina amfani da kwalba bayan sati huɗu da buɗe ta, sai dai in takardar cikin kwalin ta faɗi wani abu daban. Kwalbarsa ta uku zai buɗe ta ranar 13 ga Mayu, za ta kai shi 10 ga Yuni daidai. Ke nan idan aka dawo da ranar baya, ba shi da matsala. Idan aka tura ta gaba ko da sati ɗaya ne, sai ya nemi a rubuta masa kwalba ta huɗu, in ba haka ba zai yi kwanaki ido babu magani, matsin ya hau, ranar da aka auna kuma likita ya ga lamba mai yawa ya zaci maganin ne ya daina aiki. Irin wannan kan sa a ƙara wa mutum maganin da ba ya bukata.

Abu na biyu shi ne gwajin. Na'urar gwajin faɗin gani tana da nata layin da nata ranakun, kuma ganin likita ba tare da sakamakon a hannu ba rabin zuwa ne. Idan zai dawo da ranarsa baya da sati ɗaya, dole gwajin ma ya dawo baya. Gwajin na bukatar natsuwa, mutum ya ƙura ido a wuri ɗaya yana danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗan haske. Wanda ya kwana bai yi barci ba kan kuskure, sakamakon ya fito ba abin dogaro ba. Saboda haka mai aikin dare, kamar maigadi ko nas, kada ya zaɓi safiyar da ya sauka daga aiki.

Abu na uku shi ne tsawon lokacin da zai ɓata. Katin na iya cewa ƙarfe takwas, amma a asibitin gwamnati mutane da yawa ake ba lokaci ɗaya, a bi layi. Idan kuma aka ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido domin a leƙa jijiyar, zai yi awa huɗu zuwa shida yana gani dishi-dishi, hasken rana na damunsa. Ba zai iya tuƙa babur ba, ba zai iya karanta rubutun ɗalibai ba. Ranar da zai miƙa wa asibiti ta zama wadda ba shi da wani aiki mai nauyi a cikinta har la'asar.

Da ya haɗa waɗannan uku da ranakun da sashen ke zama, a misalinmu Talata da Alhamis, sai ya fito da zaɓi uku a jere: Talata 3 ga Yuni, Alhamis 5 ga Yuni, in duk ba su samu ba Talata 17 ga Yuni tare da ƙarin magani.

Wa ake nema, kuma me ake faɗa

Littafin ranaku yana hannun ma'aikatan rikod ne ko nas ɗin da ke kula da kilinik. Su ake nema. Idan an buga lambar waya a katin, a fara da ita. Idan ba a ɗaga ba, ko babu lambar, mutum ya je da kansa ko ya aiki wani da katinsa. Lokacin da ya fi shi ne bayan cunkoson safe ya lafa, wajen sha biyu zuwa azahar, sa'ad da mai littafin ke da sararin ɗaga kai ya saurara. A tafi da kati, da lambar fayil, da takardar magani.

Ga yadda maganar malamin za ta iya kasancewa a gaban teburin:

"Salamu alaikum. Hajiya, sannu da aiki. Ga katina. An ba ni Talata 10 ga Yuni a kilinik ɗin gilakoma, sai ga shi ranar ɗalibaina ke jarrabawar WAEC, kuma ni kaɗai ne malamin darasin. Don Allah in da hali a dawo mini da ita Talata 3 ko Alhamis 5. In sun cika, Talata 17 ma ta yi, sai dai maganina zai ƙare ranar 10."

Ita kuma ta duba littafi ta ce, "Malam, 3 ga wata ta cika. Alhamis akwai wuri, amma ka zo da wuri. Ka yi gwajin naka?"

"Ban yi ba tukuna, an ba ni 9 ga wata."

"To ka fara zuwa wurinsu su dawo maka da shi, sannan ka dawo in rubuta."

A cikin gajeriyar maganarsa ya kawo abubuwa biyar: gaisuwa, da shaidar ko shi wane ne, da tsohuwar rana, da uzuri a jimla ɗaya, da ranakun da yake so bisa tsari. Ya kuma faɗi abin da mai littafin ba ta da hanyar sani, wato ranar ƙarewar magani. Ita kuwa ta tuna masa gwajin. Kowa ya sauƙaƙa wa ɗan'uwansa.

A asibitocin da ke karɓar saƙon waya ko na WhatsApp, musamman masu zaman kansu, saƙon ya zama cikakke tun na farko, yadda mai karantawa ba sai ya yi tambaya ba:

"Salamu alaikum, barka da aiki. Sunana wane, lambar katina kaza. Ina da ganin likitan ido ranar Talata 10 ga Yuni da ƙarfe takwas, amma wani aiki da ba zan iya ɗagawa ba ya faɗo ranar. Don Allah ko za a iya mayar da ni Talata 3 ko Alhamis 5 ga Yuni? In babu wuri, Talata 17 ta yi mini. In kuma likita ya ga bai kamata a ɗaga ba, a sanar da ni in nemi yadda zan yi. Na gode, a yi haƙuri da ɗawainiya."

Jimlar da ta bar wa likita hukunci tana da muhimmanci. Tana nuna mai saƙon roƙo yake yi, kuma a shirye yake ya sauya shirinsa idan lafiyarsa ta bukaci haka.

Ladabin da ke taimako da wanda ke jawo jinkiri

Mu mutane ne masu kunya da kara, kuma hakan kan sa majiyyaci ya ce, "Duk ranar da kuka ga ta dace, ni ba ni da zaɓi." Niyyar mai kyau ce, amma sakamakon shi ne a ba shi ranar farko da ta buɗe, ya koma gida ya tarar ita ma ta ci karo da aiki, ya dawo karo na biyu. A nan ne fuska ke fara sauyawa. Wanda ya kawo ranaku uku da ya tabbatar zai iya zuwa ya fi girmama lokacin ma'aikaci. Rana ɗaya tak kan yi kama da umarni, kuma in ta cika magana ta tsaya. Fiye da uku kuma ruɗani ne.

Doguwar gaisuwa da dogon labari su ma suna da wurinsu, amma ba a gaban layi ba. Sallama da "sannu da aiki" sun wadatar. Ba a bukatar labarin halin maigidan aiki, ba a kuma bukatar ƙirƙiro rasuwa ko tafiya. "Aiki ne ya riƙe ni" uzuri ne da kowane ma'aikaci ya sani. Sai kuma lokacin sanarwa. Da zarar an ga karon a yi magana. Malamin misalinmu ya gani tun farkon Mayu, yana da sati biyar a hannu. Wanda ya bari sai ana gobe zai tarar ranakun kusa duk sun cika. Ko a makare ne dai, sanarwa ta fi shiru.

Ɓangaren wurin aiki

Wani lokaci ranar asibiti ce ba ta ɗaguwa, sai a juya ga maigidan aiki da irin wannan salon: sanarwa da wuri, da bayani gajere, da mafita a hannu. "Ranka ya daɗe, ina da ganin likita ranar Alhamis 5 ga wata. Na yi magana da Malam wane zai riƙe mini ajina na safe, ni kuma in rama masa ranar Litinin." Shugaban da aka kawo wa matsala tare da maganinta ba kasafai yake ƙi ba. Ba dole ne a faɗi sunan ciwon ba, nuna katin da ke ɗauke da ranar ya isa, kuma ana iya neman takardar shaidar zuwa daga asibiti.

Doka ma ta tanadi wani abu. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikacin da ta shafa hutun rashin lafiya da albashi har kwana 12 na aiki a shekara idan likita ya ba da shaida, da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki bayan wata 12 yana aiki. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya kuma sun ba da hutun uzuri har kwana bakwai a shekara. Zuwa bibiya ga wanda ke kan ƙafarsa ba kowane wurin aiki ke lissafa shi a hutun rashin lafiya ba, don haka a tambayi ofishin kula da ma'aikata wanne za a cike. Mai sana'ar kansa, kamar ɗan adaidaita ko mai shago a Kantin Kwari, ba shi da wanda zai roƙa, amma yinin da ya rasa kuɗi ne. Shi sai ya zaɓi ranar da ciniki ya fi sanyi, ya kuma haɗa gwaji da ganin likita a rana ɗaya in asibitin ya yarda.

Inda ake yawan tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sauyin baki. Mutum ya haɗu da likita a masallaci ko a wurin ɗaurin aure, likita ya ce, "Ba komai, ka zo Alhamis." Ranar Alhamis sunansa ba ya cikin jerin, fayil ɗinsa na can ɗakin rikod ba a ciro ba, sai ya yini yana jira. Sauyi ya tabbata ne idan an soke tsohuwar rana, an rubuta sabuwa a littafi ko a kwamfuta, an kuma rubuta ta a katin majiyyaci. Idan ta waya aka yi, a maimaita ranar da sunanta da kwanan watanta, a tambayi sunan wanda aka yi magana da shi, a rubuta.

Na biyu shi ne ranakun hutu. Sallah na bin ganin wata, gwamnati kan sanar da hutunta ana saura 'yan kwanaki, kuma kilinik ba ya zama a ranar hutu. Duk ranar da ta faɗo kusa da Sallah ko Mauludi tana da shakka. Haka 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba hutu ne. Juma'a kuwa yini ne gajere. Akwai kuma yajin aiki. Na likitoci masu neman ƙwarewa a 2021 ya ɗauki kimanin wata biyu, daga Agusta zuwa Oktoba. Wannan wani dalili ne na fifita dawowa baya a kan turawa gaba, da kuma sake tuntuɓa ana saura kwana biyu.

Na uku ya shafi masu inshorar lafiya. Ganin ƙwararre a ƙarƙashin NHIA yakan bukaci takardar turawa daga asibitin farko da lambar amincewa daga kamfanin inshora. Idan rana ta sauya, a tambayi teburin inshora ko lambar na nan daram ko sai an nemi sabuwa, tun kafin ranar ta zo.

Idan aka ce babu wuri sai bayan wata biyu, kada a karɓa a juya kawai. A roƙi nas ta nuna wa likita fayil ɗin, a tambaya ko wani likita a sashen zai iya dubawa, a bar lambar waya ko wani zai fasa, a kuma karɓi takardar maganin da zai kai sabuwar ranar. In duk bai yiwu ba, a bar tsohuwar rana yadda take, a koma a daidaita da wurin aiki. Kada a saki rana sai an kama wata.

A tsakanin nan kuma, sabuwar rana ba ta hana zuwa asibiti idan jiki ya sauya. Ga mai gilakoma, ciwon ido mai tsanani, da jan ido, da ciwon kai mai haɗe da amai, da ganin zobe mai launi kewaye da fitila, da raguwar gani farat ɗaya, duk alamu ne na a tafi sashen gaggawa a ranar, ko da jarrabawa ce ake yi. Kowane ciwo na da irin nasa alamun, kuma lokacin da ake neman ɗaga rana shi ne daidai lokacin da za a tambayi nas ko likita waɗanne ne ba sa jira.